Kalmar Da Ake Karantawa Gaba Da Baya: Yadda Kwamfuta Ke Gane Ta, Da Inda Take Tuntuɓe A Hausa

Rubuta kalmar "ranar" a takarda, sannan ka karanta ta daga harafin ƙarshe zuwa na farko. Abin da za ka samu shi ne r, a, n, a, r, wato "ranar" ɗin dai. Haka "uku" take, haka "iri", "amma", "nan", "naman" da "nonon". Irin wannan kalma ita ce ake kira falindirom: ko ta hagu ka faro ta, ko ta dama, jerin haruffanta ɗaya ne.

Duk wanda ya fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, da wuya ya yi nisa ba a ba shi wannan aikin ba: rubuta umarnin da zai karɓi kalma ko jimla, ya faɗi ko falindirom ce, ba tare da kula da tazarar da ke tsakanin kalmomi ba, ba kuma tare da bambanta babban baƙi da ƙarami ba. Aikin gida biyu ne. Da farko a gyara rubutun, sannan a gwama gabansa da bayansa. Gwamawar ba ta da wuya, layi ɗaya ya ishe ta. Gyaran ne ke da sarƙaƙiya, domin a nan ne mai rubuta umarnin ke yanke hukuncin abin da za a ɗauka harafi da abin da za a jefar. Idan ya yanke hukuncin da haruffan Ingilishi kawai a ransa, rubutun Hausa ne zai kwana a ciki.

Inda irin waɗannan kalmomi ke ɓuya a Hausa

Kafin a je ga kwamfuta, yana da kyau a san inda za a samo kalmomin gwaji. Yawancin kalmomin Hausa da baƙi suke farawa, su ƙare da wasali: gida, ruwa, kasuwa, tafiya. Falindirom kuwa dole harafinta na farko ya zama shi ne na ƙarshe, don haka kalma mai irin wannan ƙira ba za ta taɓa shiga sahu ba. Ƙofa biyu ce ta rage. Ta farko ita ce kalmomin da a rubuce suke farawa da wasali, kamar "aya", "awa", "ara", "uku" da "amma". Ta biyu ita ce kalmomin da aka liƙa wa -n ko -r a ƙarshe, alhali da wannan baƙin suka fara: nama ya zama "naman", nono ya zama "nonon", rana ta zama "ranar", raɓa ta zama "raɓar".

Idan aka yafe tazara, jimloli ma sukan shigo. "Na san" falindirom ce, domin idan aka haɗe ta za a ga n, a, s, a, n. Haka "A taya ta", haka "A kama ka", haka "Aka tara taka". Yafe tazara da girman baƙi tsohuwar al'ada ce a wannan wasa. Tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci da na Latin da manyan baƙaƙe zalla ake yin su, sau da yawa kuma ba a raba kalmomi, don haka jerin haruffa kawai ake dubawa. Ko a rubutunmu na ajami babu babban baƙi da ƙarami. Boko ne ya zo da wannan bambanci, kwamfuta kuma ta riƙe shi da ƙarfi.

Dalilin da ya sa kwamfuta ba ta ganin abin da ido ke gani

Ɗauki sunan Abba. Kowane ɗan firamare zai ce maka gabansa da bayansa ɗaya ne. Kwamfuta kuwa, idan ba a gyara mata rubutun ba, cewa za ta yi a'a. Dalili shi ne ba siffar harafi take ajiyewa ba, lamba take ajiyewa. A tsarin lambobin haruffa da ake kira ASCII, babban A lambarsa 65, ƙaramin a kuma 97. Ƙaramin b lambarsa 98. Saboda haka sunan Abba a wurinta shi ne 65, 98, 98, 97. Na farko 65, na ƙarshe 97, ba su zo ɗaya ba, shi ke nan ta yanke hukunci.

Tazara ma haka take. Mu a wurinmu wuri ne da ba a rubuta komai ba, amma a wurin kwamfuta alama ce mai lambarta, 32, kuma tana cin gurbi kamar kowane harafi. "Na san" gurbi shida ce a wurinta: N, a, tazara, s, a, n. Idan ta juya ta, za ta samu n, a, s, tazara, a, N. Tazarar da ke gurbi na uku ta koma na huɗu, jeri ya rushe. Wannan ne ya sa gyara ya zama tilas kafin gwamawa: a mai da duk haruffa ƙanana, a kwashe tazara, sannan a duba.

Ga yadda ake yi a harshen Python, wanda masu koyo da yawa ke farawa da shi:

```python
def gaba_da_baya(rubutu):
    tsaf = "".join(rubutu.casefold().split())
    return tsaf == tsaf[::-1]
```

Bari mu bi shi da "A taya ta". Umarnin `casefold()` yana mai da komai ƙaramin baƙi, sai a samu "a taya ta". Umarnin `split()` yana yanka rubutun a duk inda ya ga tazara, sai ya fito da gutsure uku: "a", "taya", "ta". Umarnin `join` yana liƙe su ba tare da komai a tsakani ba, sai a samu "atayata". A layin ƙarshe, `tsaf[::-1]` yana nufin a bi rubutun daga ƙarshe zuwa farko, harafi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito shi ne "atayata". Sun yi daidai, don haka amsar da za ta bayyana a allo ita ce `True`.

Akwai dalilin zaɓen `split()` maimakon `replace(" ", "")` da mutane da yawa ke amfani da shi. Tazara ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda dogon maɓallin ƙasan allon rubutu ke sawa, akwai ta maɓallin Tab, akwai alamar shiga sabon layi, akwai kuma wata mai lamba 160 da ke yawan biyo rubutun da aka kwafo daga shafin intanet. A ido ita da tazarar yau da kullum ba su da bambanci. Umarnin `replace(" ", "")` mai lamba 32 kaɗai yake cirewa, ya bar sauran a maƙale. Shi kuwa `split()`, idan ba a sa komai a cikin bakansa ba, duka yake kwashewa. Idan ka ga jimlar da ka tabbata falindirom ce tana ba da `False`, auna tsawon rubutun da aka gyara da `len()`. In haruffa bakwai kake gani amma lissafi ya ce takwas, to akwai ɓoyayyiyar alama a ciki.

Gwamawa daga gefe biyu

Juya rubutu gaba ɗaya hanya ce mai sauƙi, amma akwai wata da ta fi nuna ainihin abin da ake yi. A sa yatsa ɗaya a kan harafin farko, ɗaya a kan na ƙarshe. Idan sun yi daidai, kowane yatsa ya matsa ciki da taki ɗaya. Idan suka saɓa, a tsaya nan take, magana ta ƙare.

```python
def gaba_da_baya(rubutu):
    tsaf = "".join(rubutu.casefold().split())
    hagu, dama = 0, len(tsaf) - 1
    while hagu < dama:
        if tsaf[hagu] != tsaf[dama]:
            return False
        hagu += 1
        dama -= 1
    return True
```

Mu gwada shi da "Aka tara taka". Bayan gyara ta zama "akatarataka", haruffa 11. Python daga sifili take fara ƙirga gurabe, don haka na farko shi ne 0, na ƙarshe 10. Wannan ne ya sa aka rage ɗaya daga tsawon rubutun. Wanda ya manta da ragewar zai nemi gurbi na 11 da babu shi, sai manhajar ta tsaya da saƙon `IndexError`. Gurbi na 0 da na 10 duka a ne. Na 1 da na 9 duka k. Na 2 da na 8 duka a. Na 3 da na 7 duka t. Na 4 da na 6 duka a. Daga nan yatsun biyu suka haɗu a gurbi na 5, kan harafin r, wanda ba shi da abokin gwami kuma ba ya buƙatarsa. Gwamawa biyar ta wadatar wa haruffa 11. Kullum rabin tsawon rubutun ake dubawa, in akwai harafin tsakiya a ƙyale shi.

Yanzu sauya wasali da baƙi ɗaya a jimlarmu ta ɗazu, ta zama "A tura ta". Bayan gyara, "aturata". Na farko da na ƙarshe a da a, sun dace. Na biyu daga kowane gefe t da t, sun dace. Na uku kuwa u ne ta hagu, a ta dama. Nan aikin ya tsaya da `False`. Ita kuma "Ana nan ana nan" ta masu tatsuniya, wadda kunne ke ji kamar tana juyawa, tun a gwamawar farko take faɗuwa, domin da a ta fara, da n ta ƙare. Maimaita kalma daban, juyuwar haruffa daban.

Ga kalma ɗaya ko gajeriyar jimla, ba za ka ji bambancin sauri tsakanin hanyoyin biyu ba. Amfanin ta biyu shi ne ba ta gina juyayyen kwafi, tana tsayawa da zarar ta ga saɓani, kuma tana iya gaya maka ainihin gurbin da saɓanin ya faru idan ka nemi ta buga shi.

Rariyar da ke zubar da ƙ, ɗ da ɓ

Ga inda matsalar da ta fi shafar mai rubutun Hausa take. A darussa da yawa, maimakon a cire tazara kawai, sai a ce a jefar da duk abin da ba harafi ba, don waƙafi da aya su ma su tafi. Niyyar mai kyau ce, amma ga yadda aka saba rubuta ta:

```python
import re
tsaf = re.sub("[^a-z]", "", rubutu.lower())
```

Ma'anar wannan layi ita ce: duk alamar da ba ta cikin a zuwa z, a share ta. A zuwa z kuwa haruffa 26 ne na Ingilishi. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa cikinsu. Layin ya zama rariya mai faɗin ido, wadda ke zubar da tsaba tare da tsakuwa. Ba shi kalmar "ƙaya", zai share ƙ ya bar "aya", sannan ya ce maka falindirom ce. Ba shi "ƙara", ta koma "ara". "Ɗana" ta koma "ana", "ɓata" ta koma "ata", "ƙasa" ta koma "asa". Duka biyar za su ba da `True`, kuma duka biyar ƙarya ce.

Abin da ya sa wannan kuskure ke da haɗari shi ne ba ya ihu. Manhajar ba ta tsayawa, ba ta fitar da saƙon gargaɗi, amsa kawai take bayarwa cikin natsuwa. Wani lokaci ma amsar takan dace bisa katari. "Raɓar" za ta koma "raar", wadda ita ma tana juyawa, sai a samu `True` da ya dace ta hanyar da ba ta dace ba. Wanda ya gwada da "raɓar" kaɗai zai tafi da tabbacin cewa umarninsa ya san Hausa. Hanyar kama shi ɗaya ce: kafin gwamawa, a sa `print(tsaf)` a ga abin da ya rage bayan gyara. Da zarar ka shigar da "ƙaya" ka ga "aya" a allo, ka gano ɓarawon.

Maganin shi ne a daina lissafa haruffa da hannu, a bar Python ta tambayi tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa, ya kuma rubuta ko harafi ne ko alama:

```python
tsaf = "".join(h for h in rubutu.casefold() if h.isalnum())
```

Umarnin `isalnum()` yana amsa `True` ga haruffa da lambobi, kuma ya san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ haruffa ne. Da shi "ƙaya" za ta tsaya "ƙaya", amsa kuma `False`. Da shi kuma "A taya ta." mai aya a ƙarshe za ta wuce, alhali umarninmu na farko da ke cire tazara kawai zai kayar da ita saboda ɗigon.

Mai da babban baƙi ƙarami shi ma yana da irin wannan rami. Tunda tsakanin A da a akwai 32, haka tsakanin B da b har zuwa Z da z, wasu sukan koya wa ɗalibai dabarar ƙara 32 a kan lambar babban baƙi. Dabarar tana aiki ga haruffa 26 ɗin nan kawai. A Unicode, babban Ƙ lambarsa 408, ƙaramin ƙ 409, tsakaninsu ɗaya tak. Babban Ɗ 394 ne, ƙaramin ɗ 599. Babban Ɓ 385, ƙaramin ɓ 595. Babu wata lamba guda da za a ƙara ta biya wa kowa buƙata. Gwada jimlar "A Ɗaga ɗa", wadda aka rubuta ɗ na farko babba. Umarnin da A zuwa Z kaɗai ya sani zai bar Ɗ yadda yake, ya gwama 394 da 599, ya ce ba su dace ba. Shi kuwa `casefold()` daga jadawalin Unicode yake ɗauko abokin kowane harafi, sai ya fitar da "aɗagaɗa", wadda ke juyawa daidai. Ga haruffan Hausa, `lower()` ma yana yin wannan aiki yadda ya kamata. An fi son `casefold()` ne domin don gwama rubutu aka yi shi, kuma yana daidaita wasu haruffan da `lower()` ke bari, kamar ß na Jamusanci da yake mayarwa ss.

Akwai kuskuren da babu umarnin da zai gyara shi, wato rubuta Hausa ba lanƙwasa. "A daɗa" ba falindirom ba ce, domin d da ɗ baƙaƙe biyu ne masu furuci daban. Amma wanda wayarsa ba ta da ɗ, ya rubuta "A dada", ya ba kwamfuta "adada", ita kuma za ta ce `True`. Ba ta yi kuskure ba, abin da aka ba ta ta auna.

Shin sh harafi ɗaya ne ko biyu?

Saura tambayar da ba kwamfuta ce za ta amsa ta ba. Ɗauki jimlar "A sha". A ajin Hausa an koya mana cewa sh baƙi ɗaya ne mai goyo, sauti ɗaya da ake rubutawa da alamu biyu, kamar ts. Bisa wannan, jimlar a, sh, a ce, kuma tana juyawa. Kwamfuta kuwa alamu huɗu take gani, a, s, h, a, ta juya su ta samu "ahsa", ta ce `False`. Kowanne yana da gaskiya bisa ma'auninsa. Mai rubuta umarnin ne zai zaɓi ma'auni, ya kuma faɗa wa masu amfani da manhajarsa wanda ya zaɓa.

Idan an zaɓi ma'aunin Hausa, sai a yanka rubutun zuwa baƙaƙe da wasula kafin a juya:

```python
import re
def gaba_da_baya(rubutu):
    jeri = re.findall(r"sh|ts|'y|\S", rubutu.casefold())
    return jeri == jeri[::-1]
```

Wannan yana cewa: a kowane gurbi, fara duba ko sh ne, ko ts, ko 'y; in ba ko ɗaya ba, ɗauki alama guda muddin ba tazara ba ce. "A sha" za ta fito gida uku, a, sh, a, amsa kuma `True`. Wanda ke son ƙirga kw, ky, gw, gy, ƙw da ƙy a matsayin baƙi ɗaya-ɗaya sai ya ƙara su a jerin.

Lura da cewa a nan ba a fara cire tazara ba, kuma da gangan ne. Ɗauki "gabas har yamma". Idan aka haɗe kalmomin tukuna, s ɗin ƙarshen "gabas" zai manne da h ɗin farkon "har", sai umarnin ya ga sh a inda babu shi. Yanka rubutun tun tazarar tana wurinta shi ke hana wannan haɗuwa. An ce a yi watsi da tazara wajen gwamawa, amma ba a ce a jefar da ita kafin ta gama amfaninta ba.

An sa 'y a cikin jerin ne saboda bambancin rubutu tsakanin ƙasashe biyu. Sautin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, kamar a "'ya'ya", shi ake rubutawa ƴ a Nijar. Harafin ƴ alama ɗaya ce da `isalnum()` ke karɓa. Amma 'y alamu biyu ne, kuma `isalnum()` zai jefar da ɗan waƙafin saman da aka buga da maɓallin yau da kullum, ya bar y tsura. Manhajar da za ta karɓi rubutu daga ɓangarorin biyu, gara ta fara mai da ɗaya ya koma ɗayan da `replace("'y", "ƴ")` bayan an ƙanƙantar da haruffa, don kalma ɗaya ta samu amsa ɗaya ko a Kano aka rubuta ta ko a Damagaram.

Kalmomin gwaji kafin a ce an gama

Umarni irin wannan ba a yarda da shi don ya yi aiki sau ɗaya. Ana gwada shi da kalmomin da kowace ke taɓa rauni daban, kuma a san amsar da ake jira tun kafin a latsa maɓalli. "Abba" tana gwada girman baƙi, ana jiran `True`. "Na san" tana gwada tazara, `True`. "A tura ta" tana tabbatar da cewa umarnin ya iya cewa a'a, `False`. "Ƙaya" tana fallasa mai zubar da baƙaƙe masu lanƙwasa, dole ta ba da `False`. "A Ɗaga ɗa" tana gwada ƙanƙantar da su, `True`. "A sha" tana nuna ma'aunin da aka zaɓa.

Na ƙarshe shi ne rubutun da babu komai a cikinsa, ko wanda tazara ce zalla. Bayan gyara ba abin da zai rage, kuma duk umarnan da muka gani za su ce `True`, tunda babu wani harafi da ya saɓa wa abokinsa. A lissafi amsar daidai ce. Amma idan manhajar wasa ce da yara za su shigar da kalma su ci maki, yaron da ya latsa maɓalli bai rubuta komai ba zai ci a banza. Layi ɗaya ke toshe wannan: bayan gyara, a duba ko wani harafi ya rage, in babu a nemi mai wasan ya sake rubutawa. Umarnin da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje bakwai ya cancanci a miƙa masa rubutun Hausa.